Uku Kan Biyu a Kiɗan Kalangun Ƙasar Daura: Sharhi Kan Yadda Ake Ƙirga Shi

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka ta Hausa sun yi aiki mai yawa a kan salo da jigo da zubi, amma idan aka zo kan kiɗa, sau da yawa abin da muke samu bai wuce jerin sunayen kayan kiɗa ba: wane da kalangu yake waƙa, wane da kotso, wane da taushi. Shi kansa kiɗan, wato yadda aka raba lokaci tsakanin gangunan, sai a bar shi babu bayani. Idan kuwa ɗalibi ya nemi bayanin a littattafan Turawa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne maganar cewa kiɗan Afirka ya ginu ne a kan "uku kan biyu", kuma wai kowane makaɗi da nasa ƙirgen yake tafiya.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna wannan magana da kiɗan kalangu irin wanda ake yi a dandali da gidajen biki a ƙasar Daura. Ra'ayinmu shi ne, uku kan biyu gaskiya ne, ana jin sa, ana kuma iya ƙirga shi daidai. Amma ƙirge ɗaya ne kawai a cikin kiɗan, kuma ƙafar mai rawa ce take nuna shi. Wanda ya rasa wannan ƙafa zai iya rubuta kowane bugu a gurbinsa, ya kuma juya kiɗan a baibai.

2.0 Kalmomin da Za Mu Yi Aiki da Su

Za mu taƙaita a kan kalmomi biyar. *Taki* shi ne saukar ƙafar mai rawa, wanda yake zuwa a kai a kai ba tare da wani ya fi wani tsawo ba. *Gurbi* shi ne ɗan ƙaramin yanki na lokaci wanda ake raba taki da shi, ko an buga wani abu a cikinsa ko ba a buga ba. *Zagaye* shi ne tsawon da kiɗa yake ɗauka kafin ya komo mafarinsa.

Sauran biyun su ne ake yawan cuɗawa. *Saƙar kiɗa* ita ce haɗuwar bugu iri-iri a lokaci guda, kowanne da kamanninsa. Mata uku masu lugude a turmi ɗaya saƙa suke yi, domin kowace taɓarya tana faɗawa ne a gurbin da 'yar'uwarta ta bari. Sai dai dukansu rabon lokaci ɗaya suke bi, babu mai ja da wata. *Giciye* kuwa wani nau'i ne a cikin saƙa, inda bugu ɗaya yake raba zagaye ta hanyar da ta saɓa wa taki, kuma ya daɗe yana yin haka har kunne ya fara jin kamar akwai wani taki na biyu. Ke nan kowane giciye saƙa ne, amma ba kowace saƙa ce giciye ba. Uku kan biyu shi ne giciye mafi sauƙi.

3.0 Yadda Ake Ƙirga Uku Kan Biyu

Abin da ake nema shi ne a yi bugu uku masu tsawo ɗaya a cikin lokacin da ƙafa take yin taki biyu. Lamba mafi ƙanƙanta da uku da biyu suke raba ta ba saura ita ce shida, saboda haka zagayen gurbi shida ne. Taki yana ɗaukar gurbi uku-uku, watau yana sauka a 1 da 4. Bugun giciye yana ɗaukar gurbi biyu-biyu, watau yana sauka a 1 da 3 da 5. Idan muka sa X a gurbin da aka buga, muka sa ɗigo a inda aka bari, ga yadda abin yake:

Gurbi: 1 2 3 4 5 6

Hannun dama: X . X . X .

Hannun hagu: X . . X . .

Hannayen biyu ba su haɗuwa sai a gurbi na 1. Idan aka haɗa sautinsu, abin da kunne yake ji shi ne bugu huɗu: tare, dama, hagu, dama. Tsawonsu kuwa gurbi biyu, ɗaya, ɗaya, biyu.

Wanda ya karanta aruli ya riga ya san wannan tsari, domin shi ne awon ƙafar *mufta'ilun*: gaɓa mai nauyi, marasa nauyi biyu, sannan mai nauyi. Ga ɗalibai kuwa mukan ba su jimlar Hausa mai wannan awo, wato "Zo mu yi can". A kan *zo* hannu biyu suke sauka tare, a kan *mu* dama, a kan *yi* hagu, a kan *can* dama. Sai a maimaita ba tare da an tsaya shan numfashi tsakanin *can* da *zo* ba.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi muhimmanci. Ɗalibi ya miƙe tsaye, ya mayar da aikin hannun hagu ga ƙafafunsa, yana taka *zo* da *yi*, yana tafa *zo* da *mu* da *can*. A nan zai lura da wani abu: taki na biyu ya faɗa a kan gaɓa marar nauyi, *can* mai nauyi kuma ta faɗa a inda ƙafa take sama. Wannan saɓani tsakanin abin da kunne yake ji da nauyi da inda jiki yake sauka shi ne giciye. Idan aka juya, ƙafa ta ɗauki *zo*, *mu*, *can*, tafi ya ɗauki *zo* da *yi*, sautin bai sake ba ko kaɗan, amma rawar ta zama wata daban. Na farko uku ne kan biyu, na biyu kuwa biyu ne kan uku.

3.1 Kurakurai da Yadda Ake Gane Su

Kuskuren da muka fi gani a aji shi ne ɗingishi. Ɗalibin da kunnensa ya saba da kiɗa mai gurbi takwas yakan tafa a 1 da 4 da 7 na takwas ɗin, yana zaton uku yake yi. Bugu uku ne kam, amma tsawonsu uku, uku, biyu ne, ba daidai suke ba. Ana iya auna wannan da agogo. Idan ƙafa tana taki 100 a minti ɗaya, zagayen taki biyu yana ɗaukar daƙiƙa 1.2. Giciye na gaskiya yana raba shi 0.4, 0.4, 0.4, wato bugu 150 a minti. Mai ɗingishi kuwa 0.45, 0.45, 0.3 yake yi. Ba sai da agogo ba ma: a tsayar da ƙafar, a bar tafin shi kaɗai. Idan ya tafi sumul kamar ɗigar ruwa daga indararo, daidai ne. Idan bugu na uku yana gaggawar komawa mafari, ɗingishi ne. Shi wannan tsari na uku, uku, biyu ba aibu ba ne a kansa, ana jin sa a kaɗe-kaɗe da yawa. Aibun shi ne a kira shi da sunan da ba nasa ba.

Kuskure na biyu shi ne taki ya zame ya bi tafi, wato *yi* ta manne da *mu* ko da *can*. Alamarsa ita ce hannu da ƙafa su haɗu sau biyu a zagaye ɗaya. Duk inda aka ji haɗuwa a wani gurbi ban da na 1, to giciyen ya warware.

4.0 Ra'ayin A. M. Jones da Masu Sukarsa

A. M. Jones ɗan mishan ne da ya daɗe a ƙasar da ake kira Zambiya a yau, ya kuma yi aiki da wani gwanin makaɗin Ewe na Gana mai suna Desmond Tay. A littafinsa *Studies in African Music* na 1959 ya rubuta kaɗe-kaɗen Ewe dalla-dalla, kuma har yau ana yaba masa kan kyan kunne. Abin da ya jawo gardama shi ne, ya ba kowace ganga nata ma'auni da nata mafari, ta yadda mai duba rubutun zai ɗauka makaɗa biyar ƙirge biyar suke yi. A shekarar ce kuma Rose Brandel ta buga maƙalarta kan sauyawa tsakanin rabon biyu da na uku a kiɗan Afirka.

Mieczyslaw Kolinski ya ja da wannan fahimta a 1973, David Locke ya nuna a 1982 cewa kiɗan rawar Ewe mai gurbi goma sha biyu yana tafiya ne a kan taki huɗu, Kofi Agawu kuma, wanda shi kansa ɗan Gana ne, ya ƙarfafa sukar a littafinsa na 2003. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce rawa: masu rawa ba su rabuwa gida-gida kowa ya bi gangarsa, taki ɗaya suke yi. Mun goyi bayan waɗannan masu suka. Dalilinmu kuwa shi ne, in da kowane makaɗi da nasa taki yake tafiya, da babu abin da za a gicciya. Giciye yana buƙatar miƙaƙƙiyar hanya da kowa ya yarda da ita.

Sai dai akwai inda kiɗan Ewe da na Hausa suka rabu. Su Ewe suna da ƙararrawar ƙarfe wadda take maimaita bugu bakwai a gurbi goma sha biyu, kowa yana jingina da ita. Hausawa suna da kuge, amma kayan fada ne, ba ya cikin rukunin kalangu. Saboda haka tambayar da ta rage mana ita ce: wa yake riƙe hanya a kiɗan kalangu?

5.0 Misali Daga Dandali

Misalin da za mu bayar daga wani biki ne da muka halarta a wani ƙauye na yankin Sandamu, inda muka ɗauki sauti da hoto na rawar 'yan mata. Makaɗa uku ne: mai babban kalangu, mai bi masa da kalangu na biyu, da yaro mai kuntuku. Kalangu yana sauya murya idan aka matse tsarkiyarsa a hammata, kuntuku kuwa muryarsa ɗaya ce tak. A ɓangaren da muka rubuta, zagayen gurbi goma sha biyu ne:

Gurbi: 1 2 3 4 5 6 7 8 9 10 11 12

Ƙafa: X . . X . . X . . X . .

Kuntuku: X . X X . X X . X X . X

Kalangu na biyu: X . X . X . X . X . X .

Kuntuku yana yin dogo da gajere a kowane taki, kuma dogon yana sauka tare da ƙafa. Shi ne mai riƙe hanya, shi ya sa ba a yarda ya yi ƙawa. Kalangu na biyu yana bugu shida a kan taki huɗu, watau uku kan biyu sau biyu. Yana haɗuwa da ƙafa a 1 da 7, yana tsallake ta a 4 da 10. Ba kuma haka yake yi daga farko har ƙarshe ba. Yakan bi kuntuku na ɗan lokaci, sa'an nan ya fita zuwa giciye idan wata yarinya ta shigo fili, ya koma idan ta fita. Abin lura shi ne, da ya fita zuwa giciye ƙafafun masu rawa ba su sake ba, kafaɗu da hannuwa ne suka ɗauki shidan.

Wani lokaci makaɗin yakan danna bugu na farko da na uku da na biyar a cikin shidan ta hanyar ɗaga muryar kalangu. Sai a sami manyan bugu uku a 1 da 5 da 9, a kan taki huɗu. Wannan uku kan huɗu ke nan, kuma ba ya haɗuwa da ƙafa sai sau ɗaya a zagaye. Daga uku kan biyu ya fito, an dai faɗaɗa shi ne.

Mun kunna wa ɗalibanmu sautin kawai, muka ce su taka. Wasu suka bi kuntuku suka yi taki huɗu. Wasu kuwa suka bi kalangu na biyu, saboda ya fi ƙara, suka yi taki shida ko uku. Da muka nuna hoton sai gardama ta ƙare. Kashi na biyu ba su yi kuskuren ji ba, duk abin da suka taka yana cikin kiɗan. Kuskurensu shi ne sun ɗauki ado a matsayin harsashi, wanda shi ne irin abin da ake zargin rubutun Jones da jawowa. Da muka tambayi mai kalangu na biyu ko ƙirgensa daban ne, bai kawo zancen lamba ba sam. Cewa ya yi yana sauraron yaron ne, idan yaron ya ɓata shi ma ya ɓata.

6.0 Inda Harshe Ya Shigo

Babban kalangu bai shiga jadawalinmu ba, da gangan kuwa. Aikinsa magana ce: yana kiran suna, yana take, yana kirari, yana bin hawa da saukar muryar Hausa. Amma ba hawa da sauka kaɗai yake kwaikwayo ba, har da nauyin gaɓa. A Hausa gaɓa mai nauyi tana daidai da marasa nauyi biyu, kuma a kan wannan ne awon rubutacciyar waƙa ya ginu, kamar yadda ayyukan Russell Schuh suka nuna.

Mu ɗauki gurbi shida. Idan makaɗi ya kira "Audu, Audu", kowane suna gaɓa mai nauyi ce da marar nauyi, wato biyu da ɗaya, sai bugun ya faɗa a 1, 3, 4, 6. Wannan shi ne ainihin abin da kuntuku yake yi, kuma ya dace da ƙafa. Idan ya ce "ran sarki", gaɓoɓi uku ne masu nauyi, sai su faɗa a 1, 3, 5. Giciye ya samu ke nan ba tare da wani lissafi ba. Muna ganin wannan ita ce ƙofar da ta fi kusa ga ɗalibin Hausa: rabon biyu da rabon uku suna cikin bakinsa tun kafin ya taɓa gula.

Amma tilas mu sa wa wannan magana iyaka. Makaɗi da mawaƙi sukan ja gaɓa ko su matse ta, musamman a ƙarshen layi, don ta isa mafarin zagaye. Kuma idan kirari ya yi zafi, babban kalangu yakan saki gurbi gaba ɗaya ya bi saurin magana, sa'an nan ya faɗo daidai kan taki na 1. Wannan saƙa ce, ba giciye ba, domin ba ya maimaita wani rabo tsayayye. Mai nazarin da ya tilasta masa shiga gurbi zai fito da lambobin da makaɗin bai taɓa nufi ba. Haka nan tambarin fada da ake bugawa don Sarki a lokacin Salla da naɗin sarauta, da kakaki da algaita da suke rakiyar hawa a bikin Gani na Daura, aikinsu na farko sanarwa ne da girmamawa. Kafin a nemi uku kan biyu a cikinsu, sai an fara tambaya ko akwai takin da aka yarda da shi, na mai rawa ko na doki. Inda babu, ma'aunin da muka kawo ba ya aiki.

7.0 Kammalawa

David Ames da Anthony King sun tattara mana sunayen kayan kiɗan Hausa da muhallansu a littafinsu na 1971, malamanmu irin su Ɗandatti Abdulƙadir da Sa'idu Muhammad Gusau kuma sun shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka. Abin da ya rage shi ne a rubuta shi kansa bugun, kuma a nan ne haɗarin yake. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, ya bar waƙoƙi masu ɗimbin yawa da rakiyar kalangu, amma mafi yawan abin da ke hannun jama'a sauti ne da aka ɗauka a faifai da kaset. Kaset ba ya nuna ƙafa. Wanda zai yi nazarin irin wannan kiɗa nan gaba yana iya faɗawa ramin da wasu ɗalibanmu suka faɗa, ba kuma hoton da zai fid da shi.

Don haka muna ba da shawara uku ga mai shirin rubuta kiɗan kalangu. Ya fara da ƙafa, ko ta hoto ko ta tsayar da wanda ya san rawar ya taka masa. Ya nemi kayan kiɗan da ba ya sauya bugu, ya rubuta shi kafin sauran. Sa'an nan ya raba abin da ya rage gida uku: mai bin taki, mai gicciya shi da rabo tsayayye, da mai magana. Na tsakiyan kaɗai za a kira giciye, kuma sai an ƙirga an ga tsawon bugunsa daidai yake. Tsofaffin makaɗan da za su iya gyara mana rubutun suna nan a Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, ya kamata a kai musu shi su saurara tun suna raye.